Sau uku suna ɗora mini tarar jinkiri, me zan rubuta musu ba tare da na ɓata amincin mahaifina ba?

Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da shagon mahaifina na sarin kayan masarufi a Babbar Kasuwar Katsina tun da ƙarfinsa ya ragu. Muna ɗaukar kaya bashi daga wani kamfani a Kano, mai kamfanin kuwa aminin Baba ne tun ban san kaina ba. Takardar da aka sa wa hannu a 2022 ta ce mu biya cikin kwana 30 daga ranar da kaya suka iso mu. Bana sun yi sabon akanta, sai ga wani ƙaramin rubutu a ƙasan inboyis wai wanda ya yi jinkiri zai biya tarar kashi 2 cikin ɗari. Sau uku ke nan suna ɗora mini, jimla naira 144,000, alhali abin da muke samu a kayan bai wuce kashi 4 ba. Ta farko na biya don a zauna lafiya. Na yi ta waya ana cewa za a duba, shiru. Baba ya ce in bari, kada in ba shi kunya a idon Alhaji. Ni kuwa raina ya ɓaci, har na rubuta imel na ce ba zan ƙara biyan ko kwabo ba sai sun cire, amma ban tura ba. Ga takardun na haɗo. Me zan rubuta, kuma in sun ƙi fa?

Ɗan kasuwa, Katsina

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya yi wa kasuwa albarka. Ka yi dabara da ka riƙe wancan imel ɗin, kuma ina roƙonka ka goge shi. Ranar da ka ce ba za ka biya kuɗin kayan da ka riga ka karɓa ba, ranar ka tashi daga wanda aka ƙwara ka koma wanda ya karya alkawari, kuma da hannunka ka rubuta musu shaidar. Na zauna da takardunka na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na gani ya fi fushinka ƙarfi nesa ba kusa ba.

Inboyis na farko an rubuta shi 3 ga Maris, naira 2,400,000. Webil ɗin da yaronka ya sa wa hannu ya nuna kayan sun sauka 12 ga Maris. In ka ƙirga kwana 30 daga nan, wa'adinka 11 ga Afrilu ne, kai kuma ka biya 9 ga Afrilu, da sauran kwana biyu a hannunka. Na biyu an rubuta 5 ga Mayu, naira 3,000,000, ya iso 13 ga Mayu, wa'adi 12 ga Yuni, ka biya 10 ga Yuni. Nan ma ba ka makara ba. Abin da ya faru a duka biyun shi ne sun fara ƙirge daga ranar da suka rubuta inboyis, shi ya sa a littafinsu ka makara da kwana bakwai a na farko, kwana shida a na biyu. Kwana tara da kwana takwas ɗin da kayan suka yi kafin su iso ka, duk a kanka suka lissafa su, ga shi kuwa daga Kano zuwa Katsina tafiyar 'yan sa'o'i ce. Ma'ana kayan suna zaune a sitonsu ana jiran mota ta cika, agogon bashinka kuma yana tafiya.

Na ukun dabam yake, kuma gara ka ji daga bakina kafin ka ji daga nasu. An rubuta 1 ga Yuli, naira 1,800,000, ya iso 6 ga Yuli, wa'adi 5 ga Agusta, ka biya 9 ga Agusta. Ko da lissafinka aka bi, ka makara da kwana huɗu. Kada ka ɓoye wannan a wasiƙarka, kai za ka fara faɗa. Akanta yana da ranakun nan a gabansa, in ka ce ba ka taɓa makara ba zai kama wannan ɗaya ya rushe maka sauran biyun da shi. In kuwa kai ka amsa da kanka, sai a karanta sauran maganarka a matsayin ta mutumin da ya san lissafinsa.

To matsalar ashe biyu ce, kuma dole ka raba su a takarda. Akwai maganar daga wace rana ake fara ƙirge, wannan yarjejeniyar 2022 ta riga ta yanke ta ƙarara. Akwai kuma maganar ita tarar kanta, wadda babu ita sam a cikin takardar da aka sa wa hannu. Ƙa'idar ciniki a doka ita ce ɓangare ɗaya ba ya sauya sharaɗin yarjejeniya shi kaɗai, sai ɗayan ya yarda. Sai dai yarda ba lallai sai da baki ko sa hannu ba, ana iya ɗaukarta daga aiki. Wanda ake ta aiko wa inboyis mai sabon sharaɗi, yana karɓar kaya, yana biya, bai taɓa rubuta ƙin amincewa ba, wata rana za a ce ai ya yarda. Naira 48,000 ɗin da ka biya don a zauna lafiya ita ce gurbin da ya fi rauni a wajenka, domin ita za su nuna. Wayar da ka yi ta yi ba ta bar sawu ba. Shi ya sa nake ganin rubutun nan bai kamata ya wuce makon nan ba, ko da Baba bai so ba da farko.

Kafin mu kai ga rubutun, ka ɗan tsaya a inda suke tsaye. Ban ga alamar mugunta a takardun nan ba. Sabon akanta ya zo da manhajar lissafi wadda take ƙirga wa'adi daga ranar inboyis ita da kanta, kuma mai yiwuwa ko ganin takardar 2022 bai taɓa yi ba, tana can cikin wani fayil a ofishin Alhaji. Sannan kuɗi sun yi tsada. A Nuwambar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bashin bankunan kasuwanci kuwa a lokacin yakan iya wuce haka. Duk dilan da ya ba ka kayan miliyan uku na wata guda, kuɗinsa ne suke kwance a shagonka, farashi kuma yana iya tashi kafin su dawo masa. Matsin da yake ji na gaske ne. Wannan bai ba shi damar sauya sharaɗi a ƙasan takarda da ƙananan haruffa ba, amma ya nuna maka abin da yake buƙata, wato ya san ranar da kuɗinsa za su shigo. In wasiƙarka ta ba shi wannan tabbacin, rabin rigimar ta mutu.

Shi kuma Baba, ba kuɗin yake karewa ba. Shekarun da ya yi ana ba shi kaya da baki kawai yake karewa, da irin gaisuwar da ake yi masa in ya shiga Kano. Yana tsoron kada a ce ɗan wane ya fara rubuta wa Alhaji takardar ƙara. Kada ka yi masa musu a kan wannan, domin yana da gaskiyarsa. Ka zauna da shi bayan sallar isha'i, ka nuna masa lissafi ɗaya tak: a kayan miliyan uku abin da kuke samu naira 120,000 ne, tarar ta ɗauke 60,000, rabi ke nan, a kan kayan da aka biya kafin wa'adi. Ka karanta masa wasiƙar da bakinka ya ji babu zagi babu gori a ciki. Ka kuma tuna masa cewa rubuta bashi da wa'adinsa umarni ne da ya zo a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, don haka rubutu tsakanin aminai ba rashin yarda ba ne. Sannan ka roƙe shi aiki ɗaya: ya kira Alhaji kafin ka tura, su gaisa, ya ce yaron nan zai aiko da takarda a kan ɗan bambancin lissafi, a duba masa. Da wannan kiran Alhaji ba zai ji labarin daga bakin akanta a juye ba, Baba kuma ya zama shi ya buɗe ƙofar.

Akwai maganar da na san tana ranka ko ran Baba. Malaman fiƙihu suna ɗaukar ƙarin kuɗin da aka sharɗanta a kan bashi saboda jinkiri a matsayin kuɗin ruwa. Hujja ce mai nauyi, amma shawarata kada ka sa ta a imel. In ma'aikata suka karanta kana gaya wa maigidansu yana cin haram, girma zai hana shi ja da baya. Wannan magana ce ta dattawa, Baba ya faɗa wa Alhaji su biyu in ta kama. Ka kuma tuna hadisin da ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, wannan kuma kai yake kallo game da kwana huɗun nan na Agusta.

Yanzu ga rubutun. Ka aika wa akanta, ka sa manaja a layin CC, domin akanta ne zai gyara littafi amma manaja ne zai ba shi izini. A layin Subject kada ka rubuta "Ƙorafi" ko "Gaggawa", ka rubuta abin da za a iya nemowa bayan wata shida, kamar "Wa'adin biya da tarar jinkiri a inboyis na Maris, Mayu da Yuli", ka ƙara sunan shagonku. Ga yadda zan rubuta da ni ne kai, ka cika lambobin inboyis inda suka dace:

"Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, muna gaisuwa tare da fatan kuna lafiya, kasuwa kuma tana albarka. Mun daɗe muna ciniki da ku tun zamanin mahaifinmu, kuma burinmu mu ci gaba. Don haka ne muke rubuto muku a kan wani bambanci da ya maimaitu sau uku a lissafinmu.

"Yarjejeniyar da muka sa wa hannu a 2022 ta ce biya cikin kwana 30 daga ranar karɓar kaya, kuma ba ta ambaci tarar jinkiri ba. Kayan inboyis na 3 ga Maris sun iso mu 12 ga Maris, mun biya 9 ga Afrilu, a rana ta 28. Na 5 ga Mayu sun iso 13 ga Mayu, mun biya 10 ga Yuni, shi ma a rana ta 28. Duk da haka an ɗora mana naira 48,000 da naira 60,000. Kayan inboyis na 1 ga Yuli sun iso 6 ga Yuli, mun biya 9 ga Agusta. A wannan mun makara da kwana huɗu, mun amsa, kuma muna ba da haƙuri. An ɗora mana naira 36,000 a kansa.

"Muna sanar da ku a rubuce cewa ba mu amince da sharaɗin tarar kashi 2 cikin ɗari da ke ƙasan inboyis ba, haka ma ƙirga wa'adi daga ranar rubuta inboyis. Naira 48,000 da muka biya a baya mun biya ne don kada kaya su tsaya, ba don mun karɓi sharaɗin ba.

"Muna roƙon a soke naira 96,000 da ke kanmu yanzu, a mayar da naira 48,000 cikin asusunmu a cire ta daga kaya na gaba, a kuma aiko mana da sitetimen da aka gyara. Inboyis na 1 ga Satumba, naira 2,200,000, wanda kayansa suka iso 8 ga Satumba, za mu biya shi cikakke kafin ko a ranar 8 ga Oktoba, in Allah ya yarda.

"Muna jiran amsarku a rubuce zuwa 24 ga Satumba. In ba mu daidaita ba zuwa ranar, za mu ci gaba da biyan kuɗin kaya a kan wa'adin yarjejeniya ba tare da tarar ba, za mu kuma dakatar da sabon oda na bashi har sai mun zauna da ku. In kuna ganin akwai buƙatar sabunta sharuɗɗan, a shirye muke mu zo Kano mu tattauna, a rubuta, kowa ya sa hannu. Mun haɗo kwafin yarjejeniya, webil uku da rasit ɗin banki uku. Mun gode, Allah ya bar zumunci."

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu sunan akanta a matsayin mai laifi, an ce "an ɗora mana", domin shi ne zai yi gyaran kuma yana buƙatar hanyar da zai yi ba tare da ya ji kunya ba. Babu lauya, babu kotu, babu "za mu koma wani wajen". Sakin layi na uku shi ne ƙashin bayan wasiƙar, kuma shi ne wanda za ka ji kamar ka sassauta in ka zo turawa. Kada ka sassauta shi. Kada ka mayar da "ba mu amince ba" zuwa "da za a taimaka a duba". Ladabin yana cikin gaisuwa da haƙurin da ka bayar da tayin zuwa Kano, ya wadatar. In akanta ya fi sakewa da Turanci, ka sa a fassara maka jimla da jimla, ka duba kada mai fassarar ya ƙara zafi ko ya rage.

Takardun da za ka haɗa ka mayar da su PDF, kada ka tura hotuna barkatai masu duhu. Kowanne ka sa masa sunan da ke faɗin abin da yake da ranarsa. A webil ka tabbata ranar karɓa da sa hannun yaronka sun fito sosai, domin duk hujjarka a kan wannan ranar take tsaye. In akwai wanda ba a rubuta rana a kai ba, ka nemo saƙon da ka tura wa direba ko manaja ranar da motar ta sauke. A rasit ɗin banki kuma ka bar Session ID ya fito, da shi bankinsu zai gano ranar da kuɗin suka shiga in an yi gardama. Bayan ka tura, ka aika gajeren saƙo ta WhatsApp ga manaja ka ce ka aiko imel, a taimaka a tabbatar ya iso. Kada ka sake buɗe muhawarar a can. Ka adana komai, domin Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta ba kotu damar karɓar irin waɗannan takardun na kwamfuta in an cika sharuɗɗanta. Ba na fatan a kai can, amma mai ajiyayyen rubutu da natsuwa yake magana.

Ga wani tarko da 'yan kasuwa da yawa ke faɗawa. Ranar da za ka biya naira 2,200,000 ɗin nan, in ka yi tiransifa kawai ba ka ce komai ba, akanta zai iya fara cire tsohuwar tarar 96,000 daga ciki, sai littafinsa ya nuna inboyis na Satumba saura 96,000 ba a biya ba, sai a ɗora sabuwar tara a kan wannan. A ƙa'ida mai biya ne ke da ikon faɗin bashin da yake biya a lokacin da yake biyan, in ya yi shiru zaɓin ya koma hannun mai karɓa. Don haka a wajen bayanin tiransifa ka rubuta lambar inboyis ɗin da kalmar cikakken biya, sannan a ranar ka bi da imel mai layi biyu ka maimaita haka. Yadda za ka gane an yi maka wannan juyin shi ne ka ga sitetimen ya nuna tsohuwar tara ta ɓace ba tare da takardar sokewa ba, sabon inboyis kuma yana da ɗan ragowa mai daidai da ita.

Maganar dakatar da oda kuwa, kada ka rubuta ta sai ka tabbata za ka iya. Kafin ka danna turawa, shiga sito ka ƙirga katan nawa ne na kayansu, kuma kwana nawa za su kai ka a yadda kake sayarwa. In sati uku za su kai, kana da sararin jira. In kwana biyar ne, to ka fara neman wajen cike giɓi, ko a Kasuwar Singa ko wajen wani dila, ka ji farashinsa na kuɗi hannu, ka san nawa za ka iya ɗauka ba bashi. Ka kuma yi wannan lissafin da gaskiya, domin bashin kwana 30 a kan kayan miliyan biyu zuwa uku jari ne babba da ba kowa zai ba ka ba, sabon dila kuwa sai ya gwada ka watanni kafin ya yarda. In ka ga ba za ka iya tsayawa ba, ka sauya jimlar ta koma cewa za ka rage yawan odar ka koma ɗaukar wani ɓangare kuɗi hannu. Gargaɗin da aka yi ba a cika ba ya fi shiru lahani, domin daga ranar sun san iyakarka.

Amsar da na fi tsammani ita ce ta tsaka-tsaki. Za su ce sun soke na Mayu, amma na Yuli yana nan tunda ka makara, na Maris kuma an riga an rufe littafi. In haka ta zo, kada ka yi saurin cewa a'a. Abin da ya fi kuɗin nan daraja shi ne a rubuta maka cewa daga ranar karɓa ake ƙirge, kuma babu tara sai wadda aka sa wa hannu. In sai ka bar wani abu kafin a samu wannan, ka bar 48,000 ɗin da ta riga ta fita daga hannunka, amma a rubuta cewa an bar ta ne don sulhu. A zaman Kano ka je da tayinka a hannu. Su riƙa rubuta inboyis ranar da aka yi lodi, kai kuma ka riƙa tura hoton webil mai sa hannu a ranar da kaya suka sauka, ta yadda babu mai gardamar rana. In ka hango za ka makara, ka sanar da su kwana biyar kafin wa'adi. In jinkirin ya wuce mako guda, lodi na gaba ya zama kuɗi hannu. Wannan ya ba su abin riƙewa mai cizo, ba tare da an ƙara kwabo a kan bashi ba. In sun nace sai dai manhajarsu ta ƙirga daga ranar inboyis, to a mayar da wa'adin kwana 38 ko 40, tunda jinkirin isowar kayan a takardunka ya kama daga kwana biyar zuwa tara.

In shiru ya biyo baya, washegarin 24 ga Satumba ka tura tunatarwa a ƙarƙashin wancan imel ɗin, layi uku: ranar ta wuce, ba mu ji amsa ba, daga yau mun dakatar da sabon odar bashi kamar yadda muka faɗa. Sai ka cika. Ka biya na Oktoba a kan lokaci, har ma ka riga wa'adin da kwana ɗaya ko biyu saboda matsalar netwok ɗin banki. A nan ne kiran Baba na biyu zai yi amfani, kuma sau da yawa sashen sayar da kaya ne zai fara nemanka da kansa in ya ga odarka ta wata ba ta shigo ba.

In kuwa suka ƙi gaba ɗaya, ko suka tsayar maka da kaya sai ka biya tarar, to ka sani suna da ikon sauya sharuɗɗan ciniki na gaba in yarjejeniyar ba ta ɗaure su na wani lokaci ba. Ka duba ko tana da sharaɗin sanarwa kafin a sauya ko a soke ta. Abin da ba su da iko a kai shi ne su mayar da sabon sharaɗi kan cinikin da ya wuce. A wannan matakin ka nemi dattijon da ku duka kuke jin nauyinsa, daga shugabannin kasuwa ko cikin abokan Baba da Alhaji, a zauna da takardu a gaba. In ta kama dole ka biya don kaya su fito saboda kwastomominka, ka biya tare da imel a ranar da ke cewa ka biya ne bisa tilas, ba ka amince ba, kuma kana neman a mayar. Kafin ka sa hannu a kowace sabuwar yarjejeniya, ka kai wa lauya ya karanta maka, kuɗin wannan karatun kaɗan ne in aka gwada da abin da yake karewa. Shari'a a kan naira 144,000 kuwa ban ba ka shawara ba, kuɗin zirga-zirga da ɓata lokaci za su cinye ta, amincin gidajen biyu kuma ba zai tashi daga wannan ba.

Abu na ƙarshe a wajenka yake. Ka binciki dalilin da ya sa ka makara a Agusta. In masu ɗaukar kaya a hannunka ne suka riƙe maka kuɗi, to wa'adin da kake ba su ya yi kusa da wanda ake ba ka. Kada ka ba kowa fiye da kwana 14 a kan kayan da kai za ka biya a kwana 30, kuma duk ranar da mota ta sauke ka rubuta ranar wa'adi a littafin shago da jan biro, ka sa tunatarwa a waya ta rana ta 25. Ka rubuto mini bayan 24 ga Satumba in ji yadda suka amsa. Ka gaishe mini da Baba.